An cire kuɗi, shago bai sani ba: yadda labarin biya ke ɓacewa a hanya

Duk mai sayar da kaya ta intanet da ya ɗan jima a harkar ya san irin wannan saƙo na WhatsApp. Hoton alat ne, a ƙarƙashinsa an rubuta, "Malam, an cire min kuɗi, amma shafinku ya ce ban biya ba." Mai shago ya duba, ya tarar da odar zaune a jerin waɗanda ba a biya ba. Mai sayen ba ƙarya ta yi ba, shafin ma iya abin da ya sani ya faɗa. Kuɗin sun motsa, labarin motsinsu ne bai iso shago ba.

Sanya maɓallin "Biya yanzu" a shagon intanet aikin yini ɗaya ne ga mai rubuta manhaja da ya san aikinsa. Abin da ke cin lokaci, kuma yake raba gwani da ɗan koyo, shi ne tsara abin da shago zai yi idan labarin biya ya makara, ko ya zo sau biyu, ko bai zo ba sam, ko kuma wani ya ƙirƙiro shi. Zan bi maganar ta kan Paystack, kamfanin Legas da Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, wanda Stripe na Amurka ya saya a 2020, saboda dimbin ƙananan shaguna a Najeriya da shi suke aiki. Sunayen abubuwa sun bambanta a Flutterwave ko Monnify, amma ginin iri ɗaya ne.

Shagon intanet ba ya taɓa katin mai saye, kuma bai kamata ya taɓa ba. Kamfanin karɓar kuɗi ne ke tsayawa a tsakani. Shi ke nuna shafin da za a rubuta lambar Verve ko Mastercard ko Visa, shi ke magana da bankin mai saye, shi ke ba da lambar asusu ta wucin gadi ga wanda ya fi son ya tura daga OPay ko manhajar bankinsa, sannan ya tara kuɗin ya zuba wa mai shago a asusunsa, galibi washegari idan ranar aiki ce. Mai shago yana samun mabuɗai biyu. Ɗaya na fili ne, yana farawa da `pk_live_`, ba laifi idan ya bayyana a shafi. Ɗayan na sirri ne, yana farawa da `sk_live_`, kuma wurinsa saba kawai, wato kwamfutar da shagon ke zaune a kanta. Duk wanda ya sami na sirrin zai iya magana da Paystack da sunan shagon. Akwai kuma tagwayensu na gwaji, `pk_test_` da `sk_test_`, waɗanda ba sa motsa ko sisi.

Oda ɗaya, daga farko zuwa inda ta maƙale

Mu ƙaddara wani shago a Kano yana sayar da yadi ta intanet. Wata baiwar Allah a Kaduna ta zaɓi turmin atamfa biyu, da kuɗin mota ya kama naira 38,500. Da ta danna maɓallin biya, abu na farko da sabar shago ya kamata ta yi shi ne ta rubuta odar a rumbun bayananta, da farashin da ita kanta ta lissafa, da wata lamba da ba a taɓa ba kowa ba, misali `ODA-2417-1`. Wannan lamba ita ce igiyar da za ta ɗaure komai daga baya, kuma dole a rubuta ta kafin a tura mai saye ko'ina. Shagon da ya bari sai an biya sannan ya buɗe oda, ranar da labari ya ɓata ba shi da abin da zai nema da shi.

Daga nan saba ta aika wa Paystack buƙata a `/transaction/initialize`, ɗauke da waɗannan bayanai:

```json
{
  "email": "...",
  "amount": 3850000,
  "reference": "ODA-2417-1",
  "callback_url": "https://shago.example/biya/dawo"
}
```

A lura da adadin. Paystack da kwabo yake lissafi, don haka naira 38,500 ta zama 3850000. Wanda ya manta ya tura 38500, naira 385 zai karɓa a kan turmi biyu. Flutterwave kuwa da naira yake lissafi kai tsaye, saboda haka shagon da ya sauya kamfani ba tare da ya gyara wannan ba zai iya neman mai saye ta biya ninki ɗari.

Paystack ya mayar da adireshin shafin biya, aka kai mai sayen can. Ta rubuta lambar katinta, bankinta ya turo mata OTP ta saƙon tes. A nan ne abin ya faru. Ta fita daga burawza don ta karanta lambar, ta dawo ta rubuta, ta danna, banki ya amince ya cire kuɗi da ƙarfe 8:14 na dare. A daidai sakan ɗin da ya kamata shafin ya juyo da ita zuwa shago, sai sabis ya ɗauke. Ko kuma datarta ta ƙare, ko wayar ta rufe burawzar saboda ƙarancin wuri, ko ta ga alat ya shigo ta ce ai shi ke nan ta rufe da kanta. Kowanne daga cikinsu ya isa, kuma duk abubuwa ne na kullum a wayoyinmu.

Adireshin nan na `callback_url` shi ne hanya ta farko da shago ke jin labari. Idan komai ya tafi daidai, burawzar mai saye za ta dawo gare shi da lambar oda manne a ƙarshe, kamar `?reference=ODA-2417-1`. Wannan hanya tana da rauni biyu. Na farko mun gan shi: ta dogara da wayar mai saye, wadda shago ba shi da iko a kanta. Na biyu ya fi muni. Kowa zai iya rubuta wannan adireshi da hannunsa ba tare da ya biya ko kwabo ba. Shagon da ke ɗaukar isowar mai saye wannan shafi a matsayin shaidar biya ya yi daidai da ɗan kasuwar da ke miƙa kaya don an nuna masa hoton rasit a waya, bai jira nasa alat ya shigo ba. 'Yan Kwari da Singa sun daɗe da sanin ƙarshen wannan. Abin da ya dace shafin dawowa ya yi shi ne ya ɗauki lambar kawai, ya je ya tambaya.

Saƙon da ba ya bi ta wayar kowa

Hanya ta biyu ita ce wadda za ta ceci odar matar Kaduna. A shafin saitin Paystack akwai wani gurbi mai suna Webhook URL. Adireshi ne a sabar shago wanda Paystack zai aika wa saƙo kai tsaye, saba zuwa saba, da zarar biya ya tabbata. Zan kira shi saƙon tabbaci. Ba ruwansa da ko mai saye ta rufe burawza ko wayarta ta faɗa ruwa. Sunan saƙon `charge.success`, kuma yana ɗauke da lambar oda da adadin kuɗi da irin kuɗin.

Amma adireshin a buɗe yake ga duniya, don haka ɗan damfara ma zai iya aika masa saƙo mai kama da na gaskiya. Maganin wannan shi ne sa hannu. Paystack yana haɗa jikin saƙon da mabuɗin sirrin shago, ya bi da su ta wani lissafi mai suna HMAC SHA512, ya sa sakamakon a kan saƙon da sunan `x-paystack-signature`. Shago ya maimaita lissafin da nasa mabuɗin. Idan sakamako ya zo ɗaya, saƙon na gaske ne, domin su biyu kaɗai suka san mabuɗin.

```js
const hash = crypto.createHmac('sha512', SECRET_KEY)
  .update(rawBody).digest('hex');
if (hash !== req.headers['x-paystack-signature'])
  return res.sendStatus(401);
```

Lissafin a kan ɗanyen saƙon ya fi aminci, yadda ya iso, kafin manhaja ta warware shi ta sake jera shi. Sarari ɗaya da ya ƙaru ko ya ragu ya isa ya sauya sakamakon gaba ɗaya, sai shago ya riƙa korar saƙonnin gaskiya yana zaton na jabu ne. Haka kuma idan an koma aiki na gaske amma aka bar mabuɗin gwaji a saba, kowane sa hannu zai faɗi.

Da saƙo ya iso, Paystack yana jiran amsa ɗaya, `200 OK`, wato "na karɓa". Idan bai samu ba, zai sake turowa. A yanayin aiki na gaske yana maimaitawa duk minti 3 har sau 4, sannan ya koma sau ɗaya a kowace awa har tsawon awa 72. Wannan naci alheri ne, domin sabar da ta faɗi da daddare ta tashi da asuba za ta tarar da saƙon ya sake zuwa. Sai dai yana haifar da tasa matsalar.

A ce saƙon odar 2417 ya iso da 8:14. Manhajar shago ta rubuta an biya, ta rage turmi biyu daga lissafin kaya, ta fara aika wa mai saye rasit ta imel, sai sabar imel ta tsaya jan ƙafa. Paystack ya gaji da jira, ya ɗauka ba a karɓa ba. Da 8:17 ga saƙon ya sake zuwa, mai sa hannu na gaskiya, babu abin zargi a jikinsa. Idan manhajar ba ta da wayo, za ta sake rage turmi biyu, ta sake aika wa yaron shago umarnin ɗaure kaya. A shagon atamfa wataƙila wani ya lura kafin mota ta tashi. A shafin da ke sayar da data ko katin waya ko tikiti, inda inji ne ke miƙa kaya nan take, babu mai lura, an bayar sau biyu ke nan.

Gyaran kashi biyu ne. Na farko, a amsa da wuri: a duba sa hannu, a ajiye saƙon, a ce `200 OK`, sannan a yi sauran aikin imel da rasit a bayan fage. Na biyu, a gina aikin yadda ko sau goma saƙo ya zo, sau ɗaya zai yi tasiri. Mutane da yawa suna yin haka da matakai biyu, su fara duba ko an riga an biya, in ba a biya ba su rubuta. Wannan yana da ɓaraka, saboda saƙon tabbaci da dawowar burawza kan iso a sakan ɗaya, kowanne ya duba ya ga ba a biya ba, kowanne ya saki kaya. Abin da ke toshe ɓarakar shi ne a bar rumbun bayanai ya yi dubawa da rubutawa a bugu ɗaya:

```sql
UPDATE payments SET paid_at = NOW()
WHERE reference = 'ODA-2417-1' AND paid_at IS NULL;
```

Rumbun zai faɗi layi nawa ya sauya. Wanda ya sami 1 shi ne na farko, shi zai saki kaya. Wanda ya sami 0 ya makara, sai ya ce `200 OK` ya yi shiru. Ko a karo na biyar a ce masa an karɓa, in ba haka ba Paystack zai ci gaba da turowa har kwana uku.

Idan saƙon tabbaci ma bai zo ba

Yakan faru, kuma a mafi yawan lokuta laifin yana gidan mai shago. Alamar a bayyane take: a shafin Paystack cinikin ya nuna an biya, a shago oda tana jira, kuma ba oda ɗaya ba, duk wadda mai ita bai dawo shafin shago ba. Wurin da za a fara dubawa shi ne rajistar saba, inda ake rubuta duk buƙatar da ta shigo da lambar amsar da aka ba ta.

Idan babu alamar saƙon ko kaɗan a rajista, bai iso ƙofa ba. Wataƙila an cika gurbin adireshin na gwaji aka manta da na gaske, domin gurabe biyu ne daban. Wataƙila takardar shaidar tsaro ta shafin, wadda ke ba shi `https`, ta ƙare ba a sabunta ba. Wataƙila wata manhajar tsaro ta ga baƙuwar saba tana ƙwanƙwasa ƙofa ta tare ta. Idan kuwa saƙon ya bayyana a rajista, lambar da ke gefensa za ta faɗi ciwon. Lamba 301 ko 302 na nufin shafin yana karkatar da baƙi zuwa wani adireshi, misali daga marar `www` zuwa mai shi, kuma saƙon yakan zube a wannan juyi. Lamba 419 a shagon da aka gina da Laravel, ko 403 a na Django, galibi kariyar da ke hana cike fom daga waje ce ta kama saƙon, sai an cire wannan adireshi ɗaya daga ƙarƙashinta. Lamba 500 kuwa manhajar shagon ce ta yi tuntuɓe a tsakiyar aiki.

Duk waɗannan ana gyara su. Amma shagon da ya dogara kacokan ga saƙon da wani zai turo masa ya bar wuyansa a hannun wani. Shi ya sa akwai hanya ta uku, wadda a ganina ita ce ginshiƙi, sauran biyun masu saurin kawo labari ne kawai. Shago da kansa ya tashi ya tambaya:

```
GET https://api.paystack.co/transaction/verify/ODA-2417-1
```

Ana yin wannan tambaya idan mai saye ya dawo shafin shago, ana kuma sa wani ɗan aiki a saba da zai farka duk minti biyar ko goma, ya tattaro odar da suka jima suna jira, ya tambayi Paystack halin kowacce. Da wannan, ko burawza ta mutu kuma saƙon tabbaci ya ɓata, odar matar Kaduna za ta warware da kanta kafin ta gama rubuta ƙorafi.

Akwai wani rami a cikin amsar da Paystack ke bayarwa, kuma ya ci mutane. Kalmar `status` sau biyu take fitowa. Ta sama, mai cewa `true`, tana nufin tambayarka ta iso kuma an gane ta, ba wani abu ba. Halin kuɗin yana ciki, a `data.status`, kuma sai ya ce `success` ne aka biya. Wanda ya karanta ta saman zai saki kaya ga duk wanda ya buɗe shafin biya ya rufe. Bayan haka a gwada `amount` da abin da shago ya rubuta tun farko, 3850000 cif, a duba `currency` ta ce `NGN`. Dalili shi ne, a shagon da ya bar burawza ta faɗi farashi, mai wayo zai iya sauya adadin ya biya naira 100, kuma Paystack zai ce `success` da gaskiyarsa, tunda an biya abin da aka nema. Kada kuma a rikita wannan adadi da abin da zai shiga banki. A farashin da Paystack ya daɗe yana aiki da shi na cinikin cikin gida, kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, ladansa a wannan oda naira 677.50 ne, mai shago zai ga 37,822.50.

Shiru ba faɗuwa ba ne

Amsar tambaya ba biyu ba ce kawai. Ban da `success` da `failed`, akwai `abandoned` ga wanda ya buɗe shafi bai ƙarasa ba, akwai irin su `ongoing` da `pending` ga cinikin da ke kan hanya, akwai `reversed` ga wanda aka mayar. Kuskuren da ya fi jawo rigima da masu saye shi ne shago ya ga ba a ce `success` ba, ya rubuta wa mutum da jan rubutu cewa biyansa ya faɗi, ya sake gwadawa. Mutumin da ya tura kuɗi daga bankinsa minti biyu da suka wuce, kuɗin suna hanya, an ce masa ya faɗi, zai sake turawa. Yanzu shago yana riƙe da kuɗin mutum ninki biyu. Abin da ya kamata shafin ya ce ga oda mai jira shi ne, "Muna tabbatar da biyanki. Idan an cire kuɗi kada ki sake biya, za mu aiko miki da saƙo," tare da lambar oda a rubuce ɓaro-ɓaro.

Idan biya ya faɗi da gaske, misali kuɗin asusu bai kai ba ko banki ya ƙi katin, mai saye za ta so ta sake gwadawa. Paystack ba ya karɓar buɗe sabon ciniki da tsohuwar lamba, don haka gwaji na biyu ya zama `ODA-2417-2`. Wannan ne dalilin da ya sa ake raba teburin oda da teburin biya, oda ɗaya tana iya samun yunƙurin biya uku. Kuma dole manhaja ta san abin yi ranar da biyu daga cikinsu suka tabbata: kaya sau ɗaya, na biyun a ɗaga tuta a mayar wa mai shi tun kafin ya tambaya.

Sai kuma odar da aka soke sannan kuɗi suka iso. Shagunan da ke kan WooCommerce suna da wani saiti, Hold stock, wanda ke riƙe kaya na minti 60 idan ba a sauya shi ba, daga nan ya soke odar da ba a biya ba ya mayar da kayan kasuwa. Idan saƙon tabbaci ya iso bayan awa biyu saboda saba ta faɗi, zai tarar da odar a soke, wataƙila ma an sayar wa wani turmin ƙarshe. Inji ba zai yanke wannan hukunci shi kaɗai ba. Abin da ake so shi ne kada ya haɗiye maganar. Ya rubuta kuɗin sun shigo, ya sanar da mai shago, mutum ya kira mai saye ya ce, "Hajiya, kuɗinki sun iso amma wannan zanen ya ƙare, a sauya miki ko a mayar?"

Akwai wani hali da ya sha bamban da duk waɗannan, kuma ya kamata mai amsa waya a shago ya iya gane shi. An cire wa mai saye kuɗi, alat na gaskiya ne, amma da aka tambayi Paystack ya ce `failed`. A nan kuɗin ba su taɓa isowa wurin mai shago ba, sun maƙale tsakanin bankin mai saye da kamfanonin da ke sada bankuna. Mai shago ba shi da abin mayarwa, kuma idan tausayi ya sa ya saki kaya, asararsa ce, domin kuɗin za su koma wa mai su. Tun watan Yuni na 2020 Babban Bankin Najeriya ya sa wa'adin awa 72 don warware irin wannan ciniki na POS ko na intanet. A aikace wani lokaci yakan wuce haka. Taimakon da shago zai iya yi shi ne ya faɗa wa mai saye gaskiyar inda kuɗin suke, ya ba ta rana da lokaci da adadi da lambar ciniki, ta kai wa bankinta.

Inda kuɗin waya ya fi kati

A Najeriya kati da tura kuɗi ta banki ne suka mamaye shagunan intanet. Amma ɗan kasuwar Nima a Accra ko na zangon Kumasi, mafi yawan masu sayensa da MoMo za su biya, haka a Kamaru inda MTN MoMo da Orange Money ke riƙe da kasuwa, ko a Nijar mai Airtel Money da Moov Money. A irin wannan biya jira ba tsautsayi ba ne, haka aka gina shi. Mai saye yana rubuta lambar wayarsa a shafi, sai kamfanin waya ya turo masa tambaya a fuskar wayar, ya sa lambar sirrinsa ya amince. Wayar ma ba lallai ita ce wadda yake lilo da ita ba, tana iya zama ƙaramar wayar da ke caji a ɗaki. Idan tambayar ba ta fito ba, mai MTN a Ghana yakan danna `*170#` ya nemo ta a jerin abubuwan da ke jiran amincewarsa. Duk wannan lokacin burawza ba ta san komai ba.

Wanda ya haɗa shagonsa da MTN kai tsaye zai ga bambancin ƙarara. Idan ya aika buƙatar `requesttopay`, amsar da zai samu ita ce `202 Accepted`, ma'ana an karɓi buƙatar, ba a biya ba tukuna. Kuma saƙon sakamako sau ɗaya tak MTN ke aikowa, ba ya maimaitawa irin na Paystack. Idan ya zo a daidai lokacin da saba ke tari, ya tafi ke nan. Don haka a nan tambaya da kai wajibi ce: shago ya riƙe lambar `X-Reference-Id` da ya ƙirƙira, ya riƙa tambaya da ita har amsa ta tashi daga `PENDING` ta koma `SUCCESSFUL` ko `FAILED`.

Kafin a buɗe wa jama'a, yawancin masu gina shago suna gwada hanya mai kyau kawai. Su sa katin gwaji na Paystack, 4084 0840 8408 4081, su ga kore ya fito, su ce an gama. Wannan gwaji bai taɓa ko ɗaya daga abubuwan da muka bi ba. Mai shago, ko bai iya rubuta layi ɗaya na manhaja ba, zai iya zama kusa da wanda ya yi masa aikin ya ce a nuna masa da idonsa. A biya da katin gwaji, a rufe burawza kafin ta dawo, a ga ko odar za ta koma "an biya" da kanta. A kwafi adireshin dawowa na odar da ba a biya ba a buɗe shi da hannu, a ga ko shafin zai ruɗu. A aika saƙon tabbaci ɗaya sau biyu, a ƙirga turmi nawa suka ragu. A goge adireshin saƙon tabbaci gaba ɗaya, a biya, a duba agogo a ga minti nawa ɗan aikin tambaya zai ɗauka kafin ya gano kuɗin. Idan aka koma mabuɗan gaske, a sake cika gurbin Webhook URL na gaske, a yi ciniki ɗaya na naira 200 da katin mai shago, a bi shi har ya bayyana a asusun banki. Daga nan kuma kowace safiya a jera cinikin jiya na shafin Paystack kusa da odar jiya na shago, a nemo lambar da ke gefe ɗaya babu ita a ɗayan.